Hoton dare a waya: abin da OIS ke gyarawa da yadda za ka gwada taka

Ɗan yayata ya zo mini da wayarsa wata safiya ransa a ɓace. Daren jiya sun zauna fada a Birni, sun kewaye mai shayi, kwan fitila ɗaya rataye a kan teburi, ya ɗauki hotuna sun fi ashirin, babu ko ɗaya da zai iya tura wa wani. Wasu sun yi jirwaye kamar an shafa hannu kan tawadar da ba ta bushe ba, wasu kuma sun cika da ɗige-ɗige kamar an watsa musu yashi. Ya ce: “Kawu, a kwalinta fa an rubuta megafiksel hamsin. Ko jabu aka sayar mini?” Na ce masa wayar ba jabu ba ce, kuma megafiksel ba shi ne maganin duhu ba. Na daɗe ina ɗaukar hoton biki da suna a Damagaram, yawancinsu bayan isha'i, kuma abin da na koya shi ne cewa da dare lokaci ake nema. Haruffa uku da ake rubutawa a jikin kwali, OIS, wato dabarar da ke gyara rawar hannu a cikin idon kyamara, su ne ke sayo maka wannan lokacin.

Mu fara da dalilin da ya sa hoton dare ke lalacewa, domin wanda bai gane shi ba zai riƙa zargin waya a banza.

Duk ɗan Damagaram ya san cika jarka a famfon da ruwansa ke zuwa siriri. Ranar da ruwa ya zo da ƙarfi, kafin ka juya ta cika. Ranar da yake tsiyaya, sai ka tsaya ka jira. Haka kyamara take da haske. A bayan gilashinta akwai ɗan faranti mai tara haske, wanda masu gyaran waya ke ce wa sensa. Da rana tsaka haske ya yi yawa, farantin kan cika cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, ko ƙasa da haka. Da dare, ƙarƙashin kwan fitila ɗaya, sai ya buƙaci kashi ɗaya bisa goma na sakan, ko rubu'in sakan. Duk tsawon wannan jira, idon kyamara a buɗe yake, kuma hannunka bai tsaya ba. Babu hannun ɗan Adam da ke tsayawa cik. Numfashi na motsa shi, bugun zuciya na motsa shi, danna allo da yatsa ya fi su duka motsa shi.

Ka ga yadda ƙaramin motsi ke zama babbar ɓarna. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, kuma a tsakiyar hoton kowane digiri ɗaya na juyawa ya kai kimanin fiksel 50. Idan wayar ta karkata kashi ɗaya bisa goma na digiri kawai lokacin da idon ke buɗe, abin da kai ba za ka ma ji ba, kowane ɗigo na hoton ya ja jela ta fiksel biyar. Rubutun jikin gwangwanin madara ya narke ke nan. Idan ka jawo hoton kusa har ninki uku, jelar ta zama fiksel 15.

Waya mai wayo ta san haka, sai ta gudu daga wannan matsala ta faɗa wata. Ta rage lokacin jira, ta ɗaga abin da allo ke nunawa da ISO. Ɗaga ISO kamar ƙure muryar rediyo ne a tashar da ba ta kama sosai ba: maganar ta ƙaru, amma shuuu ɗin ma ya ƙaru. Wannan shi ne yashin da ɗan yayata ya gani. Daga baya manhajar wayar ta bi ta goge yashin, ta haɗa da gashin gira da saƙar hula, fuskoki su fito sumul kamar na roba. Saboda haka zaɓi biyu ne gaban waya marar OIS: jirwaye ko yashi.

Abin da ke cikin idon kyamara

A cikin waya akwai wata ƴar na'ura mai jin juyawa, jairoskof, wadda ke auna karkatar wayar sau ɗaruruwa zuwa dubbai a sakan guda. Gilashin kyamara mai OIS ba a manne yake ba, a rataye yake kan siraran wayoyi ko ƙananan ƙwallaye, kewaye da maganaɗisu da nannaɗen tagulla. Da zarar jairoskof ya ji hannunka ya karkata dama, sai a tura wuta cikin tagullar, gilashin ya gusa daidai yadda hoton zai ci gaba da faɗawa wuri ɗaya a kan faranti. Ka tuna mai tallar nono da ƙwarya a kanta: jikinta na tafiya, wuyanta na gyarawa, nonon bai zube ba. A wasu wayoyin farantin ne ke gusawa maimakon gilashi, kamar a iPhone 12 Pro Max ta 2020, amma manufar ɗaya ce. Dabarar ta girmi wayoyin zamani: Canon ya saka ta a gilashin kyamara mai cirewa tun 1995, Nokia Lumia 920 ta 2012 kuma tana cikin wayoyin farko da suka zo da ita.

Gusawar tana da iyaka, kuma iyakar kusa take. A yawancin wayoyi ba ta wuce kimanin digiri ɗaya kowane ɓangare ba, kuma ta fi gyara karkata sama da ƙasa ko hagu da dama. Karkarwar hannu aka yi ta dominta. Ba ta iya shanye tafiya, balle gudu ko tsallen moto a kan hanyar laterit.

Gwajin da muka yi a teburin mai shayi

Da dare muka koma wurin, da wayata mai OIS da tasa marar shi. Ga yadda za ka yi irinsa, kuma ina ba ka shawara ka yi shi sau ɗaya da kowace waya ka mallaka, domin hannun kowa da nasa iyaka.

Da farko ka goge gilashin da gefen riga mai laushi. Kada ka raina wannan. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna sa kowace fitila ta ja dogon haske, mutane su ɗauka rawar hannu ce alhali datti ne.

Sai ka nemi abin da ba ya motsi kuma yana da rubutu: gwangwanin madara, kwalin sukari, allon shago. Rubutu ba ya ƙarya, ko ya karantu ko bai karantu ba. Ka tsaya taku biyu ko uku daga gare shi, ka tabbata kana kan babbar kyamara, wato inda allo ya nuna 1x. Wannan na da muhimmanci, domin a mafi yawan wayoyi babbar kyamara ce kaɗai ke da OIS. Ta 0.5x ko 0.6x mai faɗin gani galibi ba ta da shi, haka ma ta gaba da ake ɗaukar kai da ita.

Ka shiga yanayin Pro, a wasu wayoyin sunansa Manual. Za ka ga ISO, ka ga kuma S ko wata alama mai lambobi irin 1/30 da 1/8. Wannan lambar ita ce tsawon lokacin da ido zai zauna a buɗe. Ka sa 1/30, ka gyara ISO har hasken hoton ya yi daidai da abin da idonka ke gani. A teburin mai shayin nan sai da muka kai ISO 3200. Ka ɗauki hoto biyar a jere, kada ka jingina da komai.

Yanzu ga lissafin, kuma mai sauƙi ne: duk lokacin da ka ninka tsawon jira, haske ya ninku, sai ka raba ISO biyu. Daga 1/30 da ISO 3200 ka koma 1/15 da ISO 1600, ka ɗauki biyar. Sai 1/8 da ISO 800, biyar. Sai 1/4 da ISO 400, biyar. Hasken hotunan duka iri ɗaya ne, abin da ke canzawa shi ne yashi na raguwa, haɗarin jirwaye na ƙaruwa.

Ka buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, ka jawo rubutun da yatsu biyu har ya cika allo, ka ƙirga nawa ne suka karantu a kowane rukuni. A wayar ɗan yayata, na 1/30 sun fito amma cikin yashi, a 1/15 biyu kaɗai suka tsira, daga 1/8 zuwa ƙasa babu abin ɗauka. A tawa, na 1/8 duka biyar sun karantu, a 1/4 uku sun fito tar. Wato ni ina iya tsayawa kan ISO 800 hankali kwance inda shi dole ya hau 3200. Haske ninki huɗu, wani lokaci ninki takwas, daga fitila ɗaya, a wuri ɗaya. Ya daɗe yana kallon hotunan biyu gefe da gefe, sannan ya ce: “To Kawu, ashe ba fitilar ce ta yi kaɗan ba.”

Inda rukunin ƙarshe da huɗu cikin biyar suka fito, nan ne iyakarka. Ka riƙe lambar a ka. Idan wayarka ba ta da Pro, kamar iPhone, ka ɗauki hotuna yadda ta ga dama, sannan ka duba bayanan hoton, za ka ga ISO da tsawon lokacin da ta zaɓa da kanta. Wayar da ke yarda ta sauka zuwa 1/8 ko 1/4 a hannu, hoton kuma ya fito, tana da abin da take dogara da shi.

Ga inda mutane da yawa ke jin an yaudare su. Bayan gwangwani, sai muka juya kan mai shayin kansa yana ɗaga buta yana zuba shayi daga sama don ya yi kumfa. Na bar wayata a 1/4. Teburi ya fito garau, kofuna garau, rubutun kwali garau, amma hannunsa da fuskarsa sun zama hayaƙi. OIS motsin wayar kaɗai yake ji. Bai san mai shayi ya motsa ba, ba shi da yadda zai tsayar da shi. Daga nan kake gane laifin wane ne: idan komai na hoton ya ja jela gefe guda, har bango da ƙasa, hannunka ne. Idan bango ya fito amma mutum ya narke, lokacin ne ya yi wa motsinsa tsawo. Idan kuma babu jela ko kaɗan, hoton dai ya yi laushi, ko bayan mutum ya fi shi fitowa, saitin gani ne ya kuskure, sai ka taɓa fuskarsa a allo kafin ka ɗauka.

Don haka nake raba aikin dare gida biyu. Abin da ke tsaye, irin ƙofar fadar Sarkin Damagaram, zanen bangon tsofaffin gidajen Birni, duwatsun gari cikin hasken farin wata, ko shadda da aka shimfiɗa a shago don a tura wa mai saye, nan kake cin ribar OIS gaba ɗaya: ka sauka zuwa iyakarka, ka rage ISO. Abin da ke numfashi kuwa yana da nasa ƙa'ida. Mutumin da ka roƙa ya tsaya, 1/15 zuwa 1/30 ya ishe shi. Masu hira suna ɗaga hannu, ka nemi 1/60. Yara masu tashe cikin azumi, ko mata masu rawa a gidan biki, ko 1/125 sai ka yi sa'a, kuma a nan babu makawa ISO ya hau. Gara hoto mai yashi da ake gane amarya da hoto mai santsi da ba ta da fuska. Abin da ya fi, ka matsa da mutane kusa da fitila, hasken ya faɗo kan fuskarsu ta gefe, kada ya zauna a bayansu.

Riƙon waya ma yana ƙara maka ko ya rage maka abin da OIS ya ba ka. Hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ƙafafu a ɗan ware. Ka saki numfashi a hankali, ka ɗauka a ƙarshensa. Maimakon ka soki allo da yatsa, ka sa ƙidayar sakan 2 ko 3, wayar ta ɗauka da kanta. Idan akwai bango ko itace, ka jingina kafaɗa. Da wannan kaɗai ɗan yayata ya samu huɗu cikin biyar a 1/15 da wayarsa marar OIS.

Yanayin da allo ke kira Night ba kishiyar OIS ba ne, abokin aikinsa ne. Idan ka ga wayar ta ce ka riƙe ta sakan uku, ba hoto ɗaya take ɗauka mai tsawon sakan uku ba. Gajerun hotuna da yawa take ɗauka, ta daidaita su, ta haɗa su wuri guda don yashin ya ragu. Da OIS kowane ɗaya cikinsu na iya ɗan tsawo ba tare da jirwaye ba, sai abin da aka haɗa ya fi tsabta. Amma wanda ya gilma cikin sakan ukun nan zai iya fitowa rabi-rabi, don haka ka jira hanya ta yi sarari. Kuma ka yi hattara da jawo hoto da dare: wayoyi da yawa masu kyamarar nesa, idan duhu ya yi, sukan bar ta su yanko daga babbar kyamara ba tare da sun gaya maka ba. Ka taka da ƙafarka ka matsa ya fi.

Bidiyo

A bidiyo lissafin ya sauya, domin lokaci ba naka ba ne. Bidiyo mai hoto 30 a sakan ba zai iya bai wa kowane hoto fiye da 1/30 ba. Idan ka sa 60, ka raba hasken biyu da hannunka. Saboda haka abu na farko da dare: ka sauko daga 60 fps zuwa 30 fps.

To me OIS ke yi a nan, tunda ba za a tsawaita jira ba? Kusan kowace waya tana da wata dabara ta manhaja, EIS, wadda ke yanke gefen hoto ta riƙa gusa abin da ya rage don bidiyo ya zauna. Da rana tana aiki da kyau, domin kowane hoto a cikin bidiyon ya fito tsaf. Da dare kowane hoto ya ɗauki 1/30, kuma duk sanda ƙafarka ta taɓa ƙasa, hoton wannan lokacin ya yi jirwaye. Manhaja na iya mayar da shi gurbinsa, amma ba ta iya cire jirwayen da ya riga ya shiga. Sakamakon shi ne bidiyon da gine-gine ke tsaye amma fitilu na ɓari, suna kumbura suna motsewa da kowane taku. Duk wanda ya ɗauki rakiyar amarya da dare ya ga wannan. OIS yana rage jirwayen tun kafin ya shiga hoton, sai manhajar ta samu abu mai tsabta ta daidaita. Waya mai duka biyun ita ce ke ba da bidiyon dare mai kallo.

Yanayin da ake kira Super steady ko Action mode, ka kashe shi bayan magariba. Yana yanke hoto da yawa, yana buƙatar haske mai ƙarfi, a wasu wayoyin ma yana komawa kyamara mai faɗin gani wadda ta fi rauni a duhu. Idan dole ka yi tafiya, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka taka da dunduniya a hankali. Idan za ka juya daga ango zuwa abokansa, ka juya da ƙugu sannu-sannu. Juyawa da sauri na kai gilashin ƙarshen iyakarsa, ya dawo tsakiya da ɗan tsalle, sai ka ga bidiyon ya fizga.

Akwai abubuwa biyu da ake ɗora wa OIS alhali ba nasa ba ne. Na farko ratsi-ratsin duhu da ke gangarowa a allo ƙarƙashin wasu fitilu. Wutar lantarkin Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, wasu fitilun kuma na kyaftawa sau 100 a sakan. Idan wayarka na bari, ka sa 1/50, ko ka zaɓi 25 fps, ko ka nemi 50Hz a saitin kyamara, ratsin zai tafi. Na biyu ƙananan ɗigon haske, sau da yawa kore, da ke yawo a gefen da ke kallon fitila. Haske ne ke komowa tsakanin gilasan kyamara. Ka ɗan sauya tsayuwa ko ka fitar da fitilar daga hoton.

Wajen saye, musamman wayar da aka taɓa amfani da ita a kasuwar Dole, kada ka tsaya kan abin da mai shago ya ce, ko kalmar stabilization ita kaɗai a talla, domin ana kiran EIS da ita. Ka nemi haruffan OIS a bayanan ainihin samfurin, ka duba kuma wace kyamara ce ke da shi. Wasu na girgiza waya kusa da kunne, in sun ji ƙas-ƙas su ce akwai. Gaskiya ne gilashi mai OIS kan yi ɗan ƙara idan kyamara a rufe take, kuma wannan ba lalacewa ba ne, amma abin saita gani ma yakan yi irin ƙarar, don haka ba hujja ba ce. Hujja ita ce ka shiga lungun shagon inda haske ya yi ƙasa, ka ɗauki rubutu a 1/8 sau biyar.

Ka buɗe kyamarar kuma ka ajiye wayar kan teburi, ka zuba wa allon ido. Idan hoton na rawa shi kaɗai kamar ana kallon ƙasan ruwa, ko kana jin zizar ƙudan zuma daga wajen gilashin, OIS ɗin ya lalace. Na san alamar ne don ta same ni. Na ɗaure wata wayata a kan sitiyarin moto na tsawon watanni ina zirga-zirga tsakanin Zango da Sabon Gari, wata rana na buɗe kyamara na tarar da ita tana makyarkyata. Girgizar injin ce ta gajiyar da abin da gilashin ke rataye a kai. Kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi kan haka a 2021, cewa girgizar injin moto mai ƙarfi na iya lalata OIS, har ya ba masu ƙananan moto shawarar sa maɗauri mai shanye girgiza. Ƴan kabu-kabu su fi kowa kula da wannan: aljihun riga ko jaka ya fi sitiyari. Maganaɗisu mai ƙarfi kusa da kyamara, irin na wasu rigunan waya da maɗauran mota, shi ma yana rikita shi, sai dai wannan yakan warware da zarar ka cire rigar. Saboda haka kafin ka kai wa mai gyara, ka cire riga, ka kashe wayar ka kunna, ka sake dubawa. Idan rawar na nan, ba a ɗinke shi, kyamarar baya ɗungurungum ake canzawa. In an canza, ka tsaya a gaban mai gyaran ka maimaita gwajin 1/8 kafin ka biya, domin akwai kyamarorin canji da ke ɗaukar hoto lafiya da rana alhali gilashinsu a manne yake.